Zato da Korewa: Sharhi a kan Fassarar Rahoton Hoton Ƙirji daga Ingilishi zuwa Hausa

Takardar da likitan hoto yake rubutawa bayan ya duba hoton ƙirji ba ta cika wuce layi biyar ko shida ba, kuma ɗan'uwansa likita yake rubuta wa, watau wanda ya aiko da majinyacin. Amma a ƙasar Hausa takardar nan takan yi tafiyar da marubucinta bai shirya mata ba. Mutumin Kebbe, can kudancin Jihar Sakkwato, in ciwo ya kai shi ga neman ƙwararren mai karanta hoto, yakan bi ta Tambuwal ya nufi birnin Sakkwato, wanda ke da nisan kimanin kilomita 100 daga Tambuwal ɗin. Daga nan sai ya komo gida da ambulan a aljihu. Kafin ranar da aka sa masa ta komawa asibiti an riga an buɗe ambulan a zaure, wani ɗa ko malamin makaranta ya karanta ya juya wa dattawa da Hausa. A kan abin da wannan tafinta ya faɗa ne za a yanke shawara, ko a sayar da buhun gero a biya kuɗin mota a koma, ko a zauna a ga abin da Allah zai yi.

Wannan maƙala za ta dubi wuri guda da irin wannan fassara take yawan karyewa, watau kalmomin da likita yake auna ƙarfin maganarsa da su. Masana harshe a Turai sun daɗe da lura da irin waɗannan kalmomi, musamman tun bayan nazarin George Lakoff a farkon shekarun 1970, kuma a nan za a kira su kalmomin taka-tsantsan. Ga rahoton da za a yi aiki da shi. Misali ne da aka tsara bisa salon da likitocin hoto suka saba, a kan manomi mai shekara 55 wanda ya yi mako biyar yana tari, yana ramewa, yana gumi da dare:

```
Patchy opacity in the right upper zone with a small cavity,
likely representing pulmonary tuberculosis.
Cannot exclude underlying malignancy.
Heart size is within normal limits.
Sputum GeneXpert and follow-up radiograph advised.
```

Kafin a taɓa kalma ko ɗaya, wajibi ne mai fassara ya san dalilin da ya sa likita yake magana da rabin baki. Ba tsoro ne kaɗai ke sa shi ba, ko da yake akwai masu fakewa da waɗannan kalmomi don gudun zargi. Hoton ƙirji, tun da Röntgen ya gano haskensa a 1895, inuwa ce ta abu mai kauri da aka shimfiɗa a kan faifai. Iska tana fitowa baƙa, ƙashi yana fitowa fari, amma ruwa da mugunya da jini da tsiron nama duk kusan launi ɗaya suke bayarwa, domin kusan gwargwado ɗaya suke tare haske. Saboda haka likita yana ganin cewa wani abu ya maye gurbin iska a saman huhun dama, amma ba ya ganin ko mene ne. Daga wurin da abin yake, da siffarsa, da labarin majinyacin ne yake yin kirdado. Tarin fuka na manya ya fi son saman huhu, yakan kuma ci nama ya bar kogo, shi ya sa zato ya karkata gare shi. To amma wani nau'in ciwon dajin huhu shi ma yakan yi kogo, kuma tsiro yana iya toshe hanyar iska har ƙwayoyin cuta su taru a bayansa su lulluɓe shi. Rama da tarin jini kuwa duka cututtukan biyu suna kawo su. Wannan shi ne asalin layi na uku.

Fassara ta farko ita ce ta baka, irin wadda ake yi a zaure, da harshen yankin:

(1) Likita ya ce tarin huka na, ya kama huhun dama. Zucciya lahiya lau. A kai kaki a gwada.

Hausar nan ba ta da aibi, kowa ya fahimce ta nan take, kuma ta isar da umarni guda mai amfani. Ɓarnar tana cikin ƙaramar kalmar nan "na", wadda ita ce "ne" ta daidaitacciyar Hausa. Aikin "ne" da "ce" shi ne tabbatarwa: in an ce "doki ne", an rufe ƙofar cewa jaki ne. Likita ya ce abu ya fi kama da tarin fuka, tafinta ya ce tarin fuka ne, kuma ya jingina wannan hukunci ga likita da "ya ce". Layin ciwon daji kuwa ya ɓace ɗungurungum, tare da shawarar sake ɗaukar hoto wadda saboda shi aka ba da ita. Ba lalle ne rashin jin Ingilishi ya jawo haka ba. Bahaushe ba ya son ambaton mugun ciwo a gaban mai shi, balle yaro a gaban mahaifinsa, kuma wanda ya ga likita da kansa bai tabbatar ba yana iya ganin bai kamata ya tayar wa mutane da hankali a kan abin da babu tabbas ba. Niyya ce mai kyau, sai dai ta sa tafinta ya yanke hukuncin da ba nasa ba.

Dubi abin da zai biyo baya. In an gwada kaki aka sami ƙwayar tarin fuka, za a ɗora dattijon a kan magani na wata shida, wata biyu na farko da magunguna huɗu, wata huɗu na baya da biyu, kuma a Nijeriya kyauta ake ba da su a ƙarƙashin shirin gwamnati na yaƙi da tarin fuka. Iyali za su ce magana ta ƙare. Alhali samun tarin fuka bai kore ciwon daji ba, domin mutum guda yana iya ɗauke da duka biyu, kuma hoto na biyu ne zai nuna ko hazon ya washe ko wani abu ya tsaya a wurin. In kuwa gwajin bai nuna kome ba, to iyalin da aka gaya wa "tarin huka na" za su ga likitoci sun yi baki biyu, sai amincinsu ga asibiti ya ragu. Wanda aka gaya wa tun farko cewa zato ne ba zai yi mamaki ba in gwaji ya zo da wani labari.

Haka nan "zucciya lahiya lau" ya wuce gona da iri. Girma kawai likita ya auna, watau faɗin inuwar zuciya bai kai ya wuce rabin faɗin ƙirji ba. Zuciya tana iya zama daidai a girma alhali tana da ciwo.

Fassara ta biyu ta ɗan boko ce mai tsoron barin kome a baya, wanda yake bin kalma da kalma:

(2) Akwai tabo a saman huhun dama da ɗan rami, wanda wataƙila yana wakiltar tarin fuka. Wataƙila kuma akwai ciwon daji a ƙarƙashinsa.

A ido wannan ta fi ta farko riƙon amana, tunda babu layin shakka da ta zubar. A kunne kuwa ta fi ta haɗari. Za a wuce da sauri ta kan ƙananan kurakuranta. "Tabo" shaidar rauni ne da ya warke, kuma likitocin hoto suna da kalma dabam don tsohon ciwon da ya warke ya bar alama, saboda haka sa ta a nan ya mai da ciwo mai ci yanzu ya zama tarihi. "Wakilta" aikin ɗan majalisa ne da wakilin ango, inuwa ba ta wakiltar kowa a Hausa, alama take zama. "A ƙarƙashinsa" kuma zai sa mai saurare ya ɗauka wani wuri ne can ƙasan huhu, alhali abin da "underlying" take nufi shi ne abin da ke ɓoye a cikin hazon nan ɗin, wanda yana iya zama shi ne tushensa.

Babban laifinta shi ne "wataƙila" sau biyu. Likita ya ajiye abubuwa biyu a kan ma'auni, ɗaya ya rinjaya ƙwarai, ɗaya ko nauyi bai sa masa ba. Mai fassara ya ba su kalma ɗaya, sai suka tashi kunnen doki. Dattijon da ya ji "wataƙila tari, wataƙila daji" zai fahimci cewa likita bai san kome ba, ko kuma cewa rabi da rabi ne. Wannan ita ce cutar da ta fi yawa a fassarar kalmomin taka-tsantsan zuwa Hausa: harshen yana da "ƙila" da "wataƙila" da "mai yiwuwa" da "ba mamaki" da "da alama", ga kuma "halama" ta Sakkwatawa, amma mai fassara yakan kama guda ɗaya ya yi ta ɗora mata kowane irin kaya.

Akwai kuma waɗanda suke ƙoƙarin riƙe siffar korewar da ke cikin "cannot exclude", sai su nemi jimla mai "ba ... ba" da ta saba a baki. Uku ne suka fi zuwa, kuma kowace tana da tarko. "Ba za a rasa ciwon daji ba" ita ce mafi muni, domin in Bahaushe ya ce "ba za a rasa ruwa a tulun nan ba" yana nufin kusan tabbas akwai, don haka jimlar ta ɗauki abin da likita bai ma zata ba ta kai shi bakin yaƙini. "Ba a fid da tsammanin ciwon daji ba" tana ɗauke da fata, tunda abin da ake so ne ake ƙin fid da tsammaninsa, kamar ruwan sama ko dawowar matafiyi. "Ba a kawar da yiwuwar ciwon daji ba", wadda ta shigo ta bakin masu labarun rediyo, ta fi su kusa da gaskiya, sai dai ta yar da ma'anar kasawa: tana nuna ba a yi ba, ba ta nuna cewa hoton ne ba shi da ikon yi ba. Mai saurare yana iya tambaya, to me ya hana a kawar? Irin wannan tarko yana nan a ɓangaren "likely" ma. 'Yan jarida sun saba da "ana kyautata zaton", har sukan ce ana kyautata zaton mutum goma sun mutu, amma asalin kyautata zato shi ne yi wa abu zaton alheri, kuma kunnen dattijo bai manta da wannan asali ba.

Wani mai nazarin nahawu yana iya cewa ai Hausa tana da lokacin da aka tanada don abin da ba a tabbatar ba, watau lokaci mai zuwa na biyu, wanda Galadanci ya bayyana a littafinsa na nahawu na 1976, Newman kuma ya yi masa bayani mai faɗi a nasa na 2000. Gaskiya ne, kuma a baki yana aiki: "yâ zama tarin fuka", da faɗuwar murya a kan "yâ", magana ce ta tsammani. Amma daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka a takarda za a ga "ya zama tarin fuka", mai karatu kuwa zai karanta shi a matsayin shuɗaɗɗen lokaci, abu ya riga ya tabbata. A rubutacciyar fassarar asibiti gara a guji wannan lokaci gaba ɗaya.

To ina mafita? Abin da ake bukata shi ne tsani mai matakai, wanda mai magana da mai saurare suka yarda da jerinsa. Su kansu masu Ingilishin ba su gama samun wannan ba. Binciken da Khorasani da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa likitocin hoto ba su yi ittifaƙi a kan ƙarfin yawancin kalmomin da suke amfani da su ba. Wannan ne ya sa asibitin ciwon daji na Memorial Sloan Kettering a birnin New York ya kafa wa likitocinsa matakai biyar, waɗanda Panicek da Hricak suka bayyana a 2016, kowane da adadinsa: sama da kashi 90 cikin ɗari, kimanin 75, kimanin 50, kimanin 25, da ƙasa da 10. Wannan ƙa'ida ce ta gida ɗaya, kuma ba daidai ba ne mai fassara ya ɗauko adadin ya liƙa wa rahoton likitan da bai yi alkawarin bin ta ba. Amfaninta a nan shi ne ta nuna cewa matakan suna da jeri, kuma jerin ne abin kiyayewa.

Abin sha'awa shi ne Hausa tana da nata tsanin tun kafin zuwan faifan hoto, kuma a ƙasar Sakkwato ba a makarantar boko ake koyonsa ba. Malaman fiƙihu sun kasa sanin mutum kashi huɗu: yaƙini, wanda babu kishiya a tare da shi, zato, inda ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, shakka, inda ɓangarorin suka yi daidai, da wahami, wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahalari ko Risala ya gamu da aikin waɗannan kalmomi a babin alwala da na rafkanuwa a salla, ya san bambancin wanda ya tabbata raka'a uku ya yi da wanda yake shakka. Dattijon Kebbe da bai taɓa jin kashi 75 cikin ɗari ba ya san "zato mai rinjaye" sarai, ya san ana aiki da shi, ya kuma san bai kai yaƙini ba. Wannan shi ne ma'aunin "likely" daidai wa daida. Da wannan tsani a hannu, kuskuren fassara ta (1) shi ne ta ɗaga zato zuwa yaƙini, na ta (2) kuwa shi ne ta sauke zato zuwa shakka.

Sai dai tsanin yana da iyaka, kuma a nan ne aikin yake da wuya. Mai gaggawa zai ce, in tarin fuka ne zato, to ciwon daji shi ne wahami, tunda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Da farko, a wurin malamai wahami abin watsarwa ne, ba a gina hukunci a kansa, a bakin jama'a kuma ya koma ma'anar tsoron banza, alhali likita ya rubuta layin ne don a yi wani abu a kai. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, "cannot exclude" ba mataki ba ne a kan tsanin ko kaɗan, ba ya ma cikin matakai biyar na asibitin New York da aka ambata. Jimlar farko tana magana ne a kan cuta, tana faɗin inda zato ya karkata. Ta biyu tana magana ne a kan hoton, tana faɗin inda ganinsa ya tsaya. Likita bai ce yana zaton daji kaɗan ko da yawa ba; ya ce wannan kayan aiki ba zai iya wanke wurin ba. Mai fassara da ya gane haka zai canza mai aikata aikin cikin jimlarsa: maimakon "wataƙila akwai", wadda take nuni ga jikin majinyaci, sai ya ce "hoton bai isa ya kore ba", wadda take nuni ga faifan.

Kalmar "kore" ta dace ƙwarai. Ita masu nahawu suke amfani da ita a "korewa", kishiyar tabbatarwa, ita kuma malamai suke fassara nafyu da ita a zaure, don haka ba baƙuwa ba ce ga ɗan boko ko almajiri. In ana neman abin da zai kusantar da ma'anar ga dattijo, akwai shi a mazhabar Malikiyya kanta: a sanannen hukuncinta, wanda ya tabbata ya yi alwala amma yana shakkar ko ta karye, sai ya sake. Ba a ce masa alwalarsa ta karye ba, an ce rashin iya kore karyewar ya isa ya wajabta masa aiki. Kamancen bai cika ta kowace fuska ba, amma ya kama jijiyar maganar, watau rashin tabbas da ke tura mutum ga wani mataki.

Ga fassara ta uku bisa wannan fahimta:

(3) An ga hazo-hazo a sashen sama na huhun dama, da ɗan ƙaramin kogo a cikinsa. Zato mafi rinjaye shi ne wannan alamar tarin fuka ce, amma hoto bai tabbatar ba. Wannan hoton bai isa ya kore yiwuwar ciwon daji da ke iya ɓuya a cikin hazon ba. Girman zuciya bai wuce ƙa'ida ba. An ba da shawarar a gwada kaki da na'urar GeneXpert, a kuma sake ɗaukar hoto nan gaba.

An zaɓi "hazo" a kan "inuwa" domin abin fari yake fitowa a faifai, inuwar Bahaushe kuwa duhu ce, kuma wanda ya san hazon hunturu ya san yadda yake ɓoye abin da ke bayansa ba tare da ya shafe shi ba. Wannan ya share wa jimla ta uku hanya.

Ita ma wannan fassara ba ta tsira daga suka ba. Mai tsananin riƙo da matani zai ce "amma hoto bai tabbatar ba" ƙari ne, babu shi a Ingilishin. Haka ne, babu shi a lafazi, amma yana cikin ma'anar "likely", kuma an fito da shi fili ne saboda jimlar Hausa ba ta da makawa sai ta ƙare da "ce". Kunne yakan riƙe ƙarshen magana, in kuwa aka tsaya a "alamar tarin fuka ce", to wanda zai kai labari cikin gida zai yar da kan jimlar ya tafi da wutsiyarta, a koma fassara ta (1). Ƙarin nan turke ne da ke hana "ce" tsinkewa. Akwai kuma jarrabar a ƙara wa jimla ta uku bayani, a ce "bai nuna akwai ba, bai nuna babu ba". An bar wannan da gangan, domin daidaiton ɓangarorinsa biyu yana sake kawo rabi da rabin da aka gudu a fassara ta (2). Suka ta uku ita ce "tarin fuka" kanta, tunda a wasu bakuna "fuka" ita kaɗai tana nufin ciwon sarƙewar numfashi da ke tashi lokaci lokaci. Inda ake tsoron wannan ruɗani, sai a haɗa da "tibi", wadda ma'aikatan asibiti da majinyata suka saba da ita.

Saura wani abu da ba ya cikin takarda amma yana shiga fassarar baka. Da wuya a gama karanta irin wannan rahoto a zaure ba a rufe da "Allah shi ne masani" ba, kuma babu mai jayayya da wannan. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne wurin da aka ajiye ta. In ta zo bayan an gama faɗin matakan likita yadda suke, addu'a ce da miƙa wuya. In kuwa ta zo a gurbinsu, kamar a ce "sun ce tari, sun ce wani abu, Allah dai shi ne masani", to ta zama bargon da ya rufe zato da shakka da korewa baki ɗaya, kuma shawarar komawa asibiti ta rasa dalilinta. Haka "da sauƙi", wadda gaisuwa ce a bakin mai dubiya, takan koma rahoto in ta fito daga bakin wanda ke riƙe da takardar likita.

Batun ko a furta kalmar "daji" a gaban majinyaci tambaya ce ta gaske, kuma ba a warware ta da ƙamus. Rubutacciyar fassara ba ta da izinin zubar da layin, wannan babu tantama. Mai fassarar baka kuwa, in ya ga nauyin kalmar ya fi ƙarfin matsayinsa, akwai ƙaramin abin da bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba, shi ne ya ce akwai wani ciwo dabam da likita ya ambata wanda hoton bai iya korewa ba, likitan da ya aike su shi zai yi bayaninsa, kuma saboda shi ne aka ce a sake hoto ko da tari ya lafa. Da haka ya bar wa likita faɗin sunan, bai kuma yanke igiyar da ke tsakanin shakkar da aikin da take nema ba.

Malamin da ke koyar da fassara yana da hanya mai sauƙi ta gane ko ɗalibi ya riƙe waɗannan matakai. A ba mutumin da bai ga Ingilishin ba fassarar Hausa kaɗai, a yi masa tambaya uku. Wace cuta likita ya fi zato, kuma ya tabbatar ko bai tabbatar ba? Cuta ta biyu da aka ambata, likita ya ce ya gan ta, ko ya ce babu ita, ko me ya ce? In aka fara magani tari ya tsaya, akwai sauran abin da za a koma yi a asibiti? Mai sauraren fassara ta (1) zai ce an tabbatar, bai ji wata cuta ta biyu ba, kuma babu sauran komawa. Na fassara ta (2) zai ce likita yana tsakanin biyu. Tambaya ta uku ita ce ta fi tona asiri, domin ɗalibi yana iya samun kowace kalma daidai amma ya jera su yadda mai saurare ba zai ga cewa layi na uku ne ya haifi rabin layin ƙarshe ba.

Layin ƙarshen nan shi ma yana da nasa ma'auni. "Advised" shawara ce, don haka "an ba da shawara" ya fi "dole ne" dacewa, kuma tunda rahoton bai faɗi lokacin sake hoto ba, "nan gaba" ita ce iyakar abin da mai fassara zai ce, likitan da ke duba majinyacin ne zai sa rana. Na'urar GeneXpert kuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajinta na tarin fuka a 2010, tana neman ƙwayar cutar a cikin kaki, tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu, tana kuma nuna ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin. Ita ce ke iya ɗaga zaton jimla ta biyu zuwa kusa da yaƙini. Amma in ba ta ga kome ba, takardarta ma da lafazin taka-tsantsan take fitowa, "MTB NOT DETECTED", watau ba a gano ƙwayar ba a cikin wannan kakin. Wanda ya juya shi da "ba shi da tarin fuka" ya maimaita kuskuren fassara ta (1) ta ɗaya gefen, domin kakin da bai fito daga can cikin ƙirji ba, ko mai ƙwayoyi kaɗan, yana iya wucewa ba a gan su ba.